Kwali nawa za a tura wata mai zuwa: kaso ɗaya ko lissafin rukuni-rukuni?

Duk mai sana'ar tura kwalin kaya wata-wata ga masu rajista akwai wata lamba da yake fara dubawa in ya buɗe dashbod, wato yawan mutanen da rajistarsu ke raye, waɗanda allon ke rubuta wa `active`. To wannan lambar ba ita ce yawan kwalin da za ka tura ba, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce, a misalin da zan kawo nan gaba ta haura kashi ɗaya cikin huɗu. Tambayar ita ce wace hanya za ka bi daga waccan lambar zuwa adadin da za ka faɗa wa mai kawo maka kaya da masu shirya kwali a sito. Hanyoyin da suka cancanci a tsaya a kansu biyu ne, ko ka ninka lambar da kaso guda ɗaya, ko ka raba mutanen gida-gida kowane rukuni da nasa kason. Akwai wasu biyu da mutane ke yawan bi, su ma zan taɓo su amma ba zan daɗe a kansu ba.

Mu fara da dalilin da ya sa lambar ke ruɗi, don in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba. A Stripe misali, wata manhajar karɓar kuɗi ta intanet, in kwastoma ya danna soke rajista amma aka saita ta ƙare a ƙarshen zangon da ya biya, abin da ke canzawa shi ne `cancel_at_period_end` ya koma `true`, matsayinsa kuwa yana nan `active` har ranar ta zo. Mutum ya riga ya yi sallama amma dashbod na ƙirga shi. Haka in aka dakatar da karɓar kuɗi da `pause_collection`, matsayin bai motsawa. WooCommerce Subscriptions, wani tsarin kula da rajistar kwastomomi, ya ɗan fi fito da abin fili don yana da `pending-cancel` da `on-hold` daban, amma ko a can wanda ke karɓar kwali duk bayan wata biyu yana cikin masu rai a watan da ba nasa ba. Sai ka haɗa da wanda ya tsallake wata ɗaya, da wanda katinsa zai ƙi biya ranar caji, duk waɗannan rajistarsu lafiya lau a allo, kwali dai ba za su karɓa ba.

Bari in kafa misali ɗaya mu yi ta aiki a kansa har ƙarshe. Lambobin na misali ne, na tsara su don a ga yadda lissafin ke tafiya, kada wani ya ɗauke su ya zuba a nasa kasuwancin. A ce ranar 1 ga wata dashbod ya nuna mutum 2,000. Watannin baya ana wajen 1,700 ne, sai aka yi talla ta rabin kuɗi a kwalin farko, mutum 300 suka shigo ta nan.

Hanyar da kusan kowa ke fara bi ita ce cire masu fita. Ka san a kowane wata wajen kashi 9 cikin ɗari ke soke rajista, sai ka ce 2,000 sau 0.91, ka samu 1,820. Wannan lissafin daidai yake amsa wata tambaya daban, wato mutum nawa za su rage a rajista. Bai san da masu tsallake wata ba, bai san da masu wata bibbiyu ba, bai san da katin da ya ƙi ba. Kullum sama zai riƙa kai ka, ba wata-wata. Ni a ganina wannan ba ya ma cikin zaɓin, na kawo shi ne kawai don shi ne ake yawan gani a takardun lissafi.

Ɗayar kuma ita ce a manta da masu rajista gaba ɗaya a dubi tarihin kwalayen da aka tura, a ɗauki matsakaicin wata uku ko a sa `FORECAST.ETS` na Excel ya ja layi. In kasuwancin ya yi shekaru yana tafiya a daidai, tana iya nuna maka yanayin shekara, kamar watan da mutane ke yawan tsallakewa. Amma ga wata mai zuwa kaɗai ɓarna ce, kana da sunan kowane mutum da ranar cajinsa a hannunka, sai ka ajiye su ka koma hasashe daga layi. Layin bai san mutum 300 sun shigo makon jiya ba.

To mu zo kan biyun da ake magana.

Hanyar kaso ɗaya ga yadda take. Ka koma watanni uku zuwa shida baya, kowane wata ka ɗauki kwalayen da aka tura wa tsofaffin masu rajista, ban da kwalin farko na sababbi, ka raba da yawan masu rai na ranar 1 ga wannan watan. A misalinmu a ce ya ba da 0.77, da 0.78, da 0.76. Matsakaici 0.77. Sai ka ninka da 2,000, ka samu 1,540. Shi ke nan, aikin minti goma.

Kuma kar a raina ta, wannan hanyar tana da wayo fiye da yadda ake zato. Kason nan guda ɗaya ya haɗiye komai a cikinsa, masu sokewa da masu tsallakewa da katin da ya ƙi da masu wata bibbiyu, har da wasu abubuwan da kai kanka ba ka san suna faruwa ba, kamar odar da ma'aikaci ke riƙewa saboda adireshi bai cika ba. Ba ka buƙatar sanin dalili, abin da ya fita daga sito kawai ka ƙirga. Sharaɗinta ɗaya ne, dole ka riƙa ɗaukar lambar masu rai a rana iri ɗaya kowane wata, ka rubuta ta a gefe. Yawancin dashbod lambar yau suke nuna maka, in ba ka ajiye ta watan jiya ba sai ka sha wahala kafin ka sake gina ta, kuma in wata ka ɗauka ranar 1 wata kuma ranar 12 bayan an gama caji, kason ya zama shirme.

Inda take karyewa shi ne zaton da ke ƙarƙashinta, cewa mutanen wannan watan irin na watan jiya ne. Ba yawansu ba, irinsu. Kaso 0.77 an samo shi ne daga taron da yawancinsa tsofaffi ne da masu biyan kuɗin watanni a dunƙule, yanzu kuma an zuba masa mutum 300 da rangwame ya jawo, sai ka ce su ma 77 cikin ɗari za su karɓi kwali na biyu a cikakken farashi. Ba za su karɓa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kasuwancin ya san tsakanin kwalin farko da na biyu ne mutane suka fi zubewa, kuma wanda ya shigo don rahusa ya fi kowa saurin fita.

Hanya ta biyu ita ke gyara wannan. Za ka fitar da jerin masu rajista gaba ɗaya, kowane layi mutum ɗaya, da tsarin biyansa, da kwali nawa ya karɓa zuwa yanzu, da ranar cajinsa na gaba, da ta inda ya shigo. Sai ka raba su. A misalinmu rabon ya fito haka:

```
rukuni                    mutane  kaso  kwali
dunƙule, da saura          240    1.00   240
dunƙule, ya ƙare            60    0.55    33
wata bibbiyu (90 a 200)     90    0.90    81
sababbi, cikakken kuɗi     200    0.67   134
sababbi, rangwame          300    0.48   144
kwali na 2 ko na 3         280    0.78   218
kwali 4 zuwa sama          720    0.84   605
jimilla                                 1455
```

Mu bi su a hankali don kowane layi da dalilinsa. Mutum 240 na farko sun biya kuɗin wata uku ko shida ko shekara gaba ɗaya kuma suna bin ka bashin kwali, waɗannan ba hasashe ba ne, ko sun danna sokewa sai ka tura musu tunda sun biya. Mutum 60 na biyu su ma dunƙule suka biya amma kwalinsu na ƙarshe ya riga ya tafi, yanzu za a caje su babban kuɗi a karo ɗaya, kuma a nan ne mutum ke tsayawa ya yi tunani, shi ya sa kasonsu ya faɗo. Ka lura a dashbod waɗannan rukunai biyu suna kama da juna sak, tsari ɗaya ne, amma ɗaya tabbas ne ɗayan kuma kusan rabi da rabi.

Masu wata bibbiyu su 200 ne, amma 90 ne kaɗai layinsu ya faɗo a wata mai zuwa, sauran 110 sai na gaba. Wannan ma ba hasashe ba ne, ranar cajin tana rubuce. Kuma shi ne ɗaya daga dalilan da ya sa kaso ɗayan can ke ɗan rawa tsakanin 0.76 da 0.78, wata 90 wata 110, matsakaici kuma sai ya ba ka tsakiyar da ba ta taɓa faruwa.

Sauran huɗun masu biya wata-wata ne, kuma kason kowannensu ƙofofi uku ne a jere. Ɗauki tsofaffin nan 720. Kashi 4 za su soke kafin ranar caji, saura 0.96. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 za su tsallake watan, saura 0.90. Cikin waɗanda aka caja kashi 97 kuɗinsu zai shiga kafin a rufe oda. Ka ninka ukun, 0.96 sau 0.90 sau 0.97, ya ba ka wajen 0.84. Na masu rangwame kuwa 0.55 sau 0.95 sau 0.92 ne, wajen 0.48. Abin lura a nan, tsofaffi sun fi sababbi tsallake wata, don kaya sun taru musu a gida ko sun gano maɓallin, sababbi kuwa in ba su so sai su fita kawai. Wanda ya duba masu sokewa kaɗai zai ɗauka tsofaffinsa kashi 96 za su karɓi kwali, alhali 84 ne.

Ƙofa ta uku tana da wani ɗan tarko. Abin da za ka ƙirga ba katin da ya ƙi a ranar farko ba ne, a'a, wanda bai biya ba har zuwa ranar da ka rufe oda. Tsarin biyan kuɗi yana sake gwada katin bayan kwanaki, Stripe na yin haka, a lokacin kuma mutumin yana matsayin `past_due`, kuma da yawa daga cikinsu kuɗin na shiga a gwaji na biyu ko na uku. To in kana caji ranar 1 ka rufe ranar 10, yawancin waɗanda za su farfaɗo sun farfaɗo. In kuma kana caji ranar 1 ka rufe ranar 3, za ka rasa su a wannan watan ko su biyo baya a makare su ci daga kayan da ka ware wa wasu. Kaso ɗin ya dogara da tazarar, ranar da ka matsar da ranar rufewa ka sani tsohon kason ya daina aiki.

A Excel ko Google Sheets duk wannan layi ɗaya ne in mutane suna shafin B kaso kuma yana C:

```
=SUMPRODUCT(B2:B8, C2:C8)
```

Yanzu ka jera amsoshin uku: 1,820, da 1,540, da 1,455. Tsakanin kaso ɗaya da rukuni-rukuni kwali 85 ne, kuma kusan dukansa daga wuri ɗaya ya fito. Kaso ɗaya ya ba masu rangwame 231, wato 300 sau 0.77, lissafin rukuni ya ba su 144. In ka cire su gaba ɗaya, sauran mutum 1,700 sun ba da kwali 1,311, wanda shi ne 0.77 ɗin nan dai. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe, a watan da babu wani sabon abu hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa, duk wahalar da ka sha ta raba mutane ba ta ƙara maka ko kwali biyar na daidaito ba. Ribar tana fitowa ne kawai a watan da taron ya canza kama. Matsalar kuma ita ce irin wannan watan shi ne wanda ka fi zuba kuɗi a kaya.

Kuma abin ba ya tsayawa a wata ɗaya. Waɗanda suka tsira cikin 300 ɗin nan za su gangara rukunin kwali na 2 ko na 3 su kumbura shi, shi kuma kaso ɗaya a wata mai bi masa zai haɗiye watan da ya yi ƙasa, matsakaicinsa ya sauka, daidai lokacin da masu rangwamen suka gama zubewa taron ya koma na tsofaffi. Sai ya yi maka sama a watan farko, ya zo ya yi maka ƙasa bayan wata biyu ko uku. Kullum yana biye da abin da ya wuce.

To amma rukuni-rukuni ma ba waliyyi ba ne. Laifinsa na farko, yana jawo mutum ya yi ta yanka har rukunan su zama ƙanana. In rukuni mutum 20 ne, mutum ɗaya kashi 5 ne cikin ɗari, mutum uku suka canza ra'ayi kasonka ya tashi daga 0.70 zuwa 0.85 ba tare da komai ya canza a kasuwancin ba. Na kan ga takardar da aka raba mutane gida talatin, ta watan shiga da ƙasa da nau'in kwali da hanyar talla, ta yi kyau a ido amma rabin lambobin cikinta sa'a ce kawai aka auna. Ni dai ba na son rukunin da bai kai mutum 50 ba sai in dole, kuma ko wanda ya kai, kason nasa daga watanni da yawa nake haɗowa, a tara duk waɗanda suka wuce wannan matakin cikin wata shida a raba da duk waɗanda suka taɓa kasancewa a cikinsa. Rukunin mutum 60 na misalinmu na bar shi ne don halinsa ya bambanta sosai, haɗa shi da wani zai fi ɓarna.

Na biyu kuma ya fi wannan ciwo. Wannan 0.48 na masu rangwame daga ina ya fito? In ka taɓa yin irin tallar a baya, daga can. In ba ka taɓa ba, to zato ne aka sa masa rigar lissafi. Kuskuren maki 10 a wannan layin kwali 30 ne. Abin da ke taimakawa shi ne ba sai ka jira ranar caji ba, yawancin masu niyyar fita suna danna sokewa tun kafin a caje su, wasu ma ranar da kwalin farko ya iso. Ka ƙirga waɗanda suka riga suka sa alamar sokewa, in cikin 300 an riga an sami 90 saura mako biyu, ka san 0.70 ita ce iyakar sama tun kafin a zo maganar kati. Ka cire waɗannan 90 ɗin daga lissafi kai tsaye, hasashen ya koma kan 210 da suka rage. Amma fa a kula, in ka cire su, kason da za ka ɗora wa sauran dole ya zama na waɗanda ke sokewa daga wannan ranar zuwa gaba, in ka sake ɗora tsohon 0.55 ka cire mutum ɗaya sau biyu.

Na uku, duk abin da ba ka ba shi layi ba, lissafin bai san da shi ba. Kaso ɗaya yana haɗiye abubuwan ɓoye, rukuni-rukuni ba ya yi. Shi ya sa ko ka koma wannan hanyar kar ka jefar da ta farko, ka riƙa lissafa su biyun gefe da gefe. In sun rabu kuma kana iya nuna layin da ya raba su, kamar yadda muka nuna na rangwame, ka bi rukuni. In sun rabu ka rasa dalili, akwai abin da ka manta, ka nemo shi kafin ka ba da oda.

Akwai kuma kwalayen da ba sa cikin 2,000 ɗin kwata-kwata, kuma hanyoyin biyu duk ba su taɓa su ba. Sababbin da za su shigo kafin a rufe oda, a ce 200 kamar yadda aka saba. Waɗanda suka dakatar da rajista watannin baya lokacin dawowarsu ya yi, a ce 25. Sai musanya na kwalin da ya ɓata ko ya lalace a hanya, a ce kashi 1, wajen 17. Da rukuni-rukuni jimillar ta zama 1,455 da 200 da 25 da 17, wato 1,697. Da kaso ɗaya za ta kai wajen 1,783. Layin sababbi shi ne mafi rawa a duka, amma shi ne kuma kaɗai wanda ke hannunka, in kaya sun kusa ƙarewa sai ka rage talla ko ka ce duk wanda ya shigo daga yau kwalinsa na farko sai wata mai zuwa. Tsohon kwastoma da aka riga aka caja ba ka da wannan damar a kansa.

Sai maganar ƙari, don ba wanda ke yin odar 1,697 cif. Ko da duk kasonka daidai suke, sa'a kaɗai tana motsa jimillar. Ana auna wannan da ninka yawan mutane da kaso da abin da ya rage in an cire kason daga 1, a kowane rukuni, a tara, a ɗauki tushen murabba'i. A misalinmu ya ba da wajen 17, ma'ana sama ko ƙasa da kwali 34 ba abin mamaki ba ne, kuma ba wata hanya da za ta rage wannan. In ba ka son shiga wannan lissafin, akwai mai sauƙi wanda ma ya fi faɗin gaskiya: ka rubuta hasashenka da abin da ya faru na wata 12, ka cire hasashen kowane wata daga abin da ya faru, ka jera bambancin daga ƙarami zuwa babba. Sannan ka tambayi kanka wanne ya fi zafi, kwali ya yi saura ko ya gaza. In asarar gazawa ta ninka ta saura sau uku, ƙa'idar ita ce 3 a raba da jimillar 3 da 1, wato 0.75, sai ka ɗauki bambanci na 9 cikin 12 ya zama ƙarinka. In kayan masu lalacewa ne ko na wannan watan kaɗai, ba sa shiga kwalin gaba, ma'aunin ya juya, ƙarin ya ragu, wani lokaci ma gara ka yi oda ƙasa da hasashe ka toshe ƙofar sababbi. In kuwa kayan na ajiyuwa kana iya sayar da su daban ko sa su a kwalin maraba, kwali 85 na kuskuren kaso ɗaya ba zai hana ka barci ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin zama a hanya mai sauƙi.

Wannan jerin na wata 12 shi ne kuma alƙalin da zai raba gardama tsakanin hanyoyin biyu. Ka koma baya ka gwada kowacce a kan watannin da ka riga ka san amsarsu, da bayanan da kake da su a lokacin kaɗai, ba na bayan nan ba. Abin da za ka duba ba girman kuskure kaɗai ba ne, har da ɓangaren da yake karkata. Kuskure wata sama wata ƙasa, wannan sa'a ce, ƙari ke maganinta. Kuskure wata biyar a jere duk sama, wannan akwai wata ƙofa da ba ka ƙirgawa, galibi tsallake wata ne ko katin da ya ƙi. In kuma kuskuren ƙarami ne kullum sai a watan da ya biyo bayan talla ko ƙarin farashi, to ga hujjarka ta komawa rukuni.

Lokacin da kake buƙatar lambar ma yana da tasiri a zaɓin. In mai kawo kaya yana son oda mako shida ko takwas kafin turawa, to rukunin sababbin da za ka hasashe ma ba su shigo ba tukuna, za ka yi hasashe a kan hasashe, kuma a nan fifikon rukuni-rukuni yana raguwa duk da bai ɓace ba, tunda masu dunƙule da masu wata bibbiyu ka san su tun yanzu. In kuwa kwana goma ya rage, masu shirya kwali ne ke tambayar mutum nawa za su zo aiki, to bar duka biyun ka buɗe jerin cajin da ke layi, ka cire masu tsallakewa da masu sokewa da sunansu, abin da ya rage a hasashe kati ne kawai da 'yan makara.

Ga yadda ni zan zaɓa. Masu rajistarka ba su wuce 300 ko 400 ba, tsarin biya ɗaya ne, sababbi na shigowa kusan daidai kowane wata, to kaso ɗaya ya ishe ka, rukunanka za su yi ƙanƙanta har su fi ɓata maka lissafi. Abu ɗaya zan ƙara, ka ware masu kwalin farko su zama layi na biyu, don ko a ƙaramin kasuwanci wannan rabon yana biyan wahalarsa. In kana da tsarin dunƙule ko na wata bibbiyu, ka ciro su daban ko nawa ne yawansu, tunda su ƙirga ake yi ba hasashe ba. In ka haura dubu, kana talla mai zuwa kamar ambaliya, ko sababbi sun wuce kashi ɗaya cikin biyar na taron kamar a misalinmu inda suka kai 500 cikin 2,000, ka gina teburin layi bakwai ɗin nan, ka sabunta kasonsa duk wata da matsakaicin wata shida, ka bar kaso ɗaya a gefe yana duba maka shi.